An Sayi Suna, An Biya Hostin: Me Ke Haɗa Su Har Shafi Ya Buɗe?

Mutane da yawa da suka fara buɗe shafin intanet, na makaranta ne ko na shago ko na ƙungiya, sun san wannan ranar. An biya kuɗin suna, an biya kuɗin hostin, mai tsara shafi ya ɗora komai, amma da aka rubuta sunan a burauza sai allo ya ce ba a samu shafin ba. Idan aka tambayi kamfanin hostin ya ce, "Ku nuna sunan zuwa sabarmu." Idan aka tambayi kamfanin da ya sayar da sunan ya ce, "Ku jira awa 48." Daga nan sai a shiga danne-danne, a canza wannan a goge wancan, har a wayi gari imel ɗin da yake aiki lafiya shi ma ya tsaya.

Abin da ake kira nuna suna zuwa ga saba ba wata waya ba ce da ake jonawa. Rubutu ne ɗan kaɗan, layi biyu ko uku, da ake yi a cikin wani kundi da duk duniya take iya karantawa. Duk wahalar tana ga sanin wane kundi ne duniya take karantawa, da kuma wane layi ne ya kamata a taɓa.

Kwamfutoci a intanet ba sa gane juna da suna, da lamba suke aiki. Kowace saba tana da adireshin IP, wani abu mai kama da `203.0.113.10`. A farkon zamani, lokacin da injinan da ke haɗe ba su da yawa, fayil ɗaya ne mai suna `HOSTS.TXT` yake ɗauke da sunan kowane inji da lambarsa. Ana ajiye shi a cibiyar bincike ta SRI da ke California, kowa yana kwafowa daga can. Da injina suka yawaita sai tsarin ya gaza, domin kafin ka kwafo fayil ɗin har ya tsufa. A 1983 Paul Mockapetris ya tsara DNS, aka sake fasalta shi a 1987, kuma a kan wannan ginin ake tafiya har yau. Hikimarsa ita ce ba wanda yake riƙe da duka sunayen duniya. An raba aikin hawa-hawa, kowa yana amsa tambaya a kan abin da yake hannunsa kaɗai.

Tafiyar tambaya ɗaya

A ce ka rubuta `www.example.com` a wayarka. Na ɗauki wannan suna ne domin an keɓe shi musamman don misali, haka ma lambobin IP na sabobin hostin da za su zo a gaba. Wayarka ba ta san lambar ba, sai ta tambayi wata saba da aikinta ke nan nemo amsa. Yawanci kamfanin layin da kake amfani da shi ne yake samar da ita, ko da yake akwai na kowa da kowa, irin `8.8.8.8` ta Google da `1.1.1.1` ta Cloudflare. Bari mu kira ta sabar nema.

Idan sabar nema ba ta da amsar a ajiye, sai ta yi abin da baƙo yake yi idan ya zo neman gidan wani a ƙasar da bai sani ba. Ya je wurin hakimi, hakimi bai san gidan ba amma ya san dagacin da garin yake hannunsa. Dagaci ya tura shi wurin mai unguwa, mai unguwa kuwa shi ne zai nuna masa ƙofar gidan. Sabar nema tana farawa da sabobin tushe, waɗanda suke da sunaye 13, daga `a.root-servers.net` zuwa `m.root-servers.net`, ko da yake a bayan waɗannan sunaye akwai injina masu tarin yawa a warwatse a duniya. Tushe ba ya ba da lambar shafin, sai dai ya ce ga masu kula da `.com`. Kamfanin Verisign ne yake riƙe da `.com`, kamar yadda NiRA take riƙe da `.ng` na Najeriya. Su ma masu `.com` ba su san lambar shafin ba. Abin da suka sani shi ne sunayen sabobin da mai `example.com` ya ce su ne wakilansa. Can sabar nema za ta je a karo na uku, kuma can ne ake ba ta lambar. Duk wannan yakan ƙare cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Wannan mataki na uku shi ne zuciyar maganar. Sabobin da suke ba da amsar ƙarshe, waɗanda za ka ga an rubuta `Nameservers` a kansu a shafin kamfanin da ka sayi suna, su ne masu riƙe da kundinka. Abin da suka faɗa shi ne gaskiya a wurin duniya. Idan suka yi shiru, shafinka ya ɓace ko da sabar da yake zaune a kai tana aiki ƙalau. Masu amfani da Facebook, WhatsApp da Instagram sun ɗanɗani haka ranar 4 ga Oktoba, 2021, lokacin da wani kuskure a cikin hanyoyin sadarwar kamfanin ya sa aka kasa isa ga sabobinsa na DNS, aka yi kusan awa shida ba a iya shiga.

Saboda haka ayyuka uku ne a kan kowane shafi, ba biyu ba. Akwai kamfanin rajista da ka yi hayar suna a wurinsa. Akwai mai riƙe da kundin DNS. Akwai kuma mai hostin, wanda fayilolin shafin suke kan injinsa. Kamfani ɗaya yana iya yin duka ukun, shi ya sa mutane ba sa lura cewa daban-daban suke, sai ranar da suka tashi raba su.

Abin da ke cikin kundin

Kowane layi a kundin shi ake kira rikod. Ga kundin wata makaranta da za mu yi misali da ita, wadda shafinta da imel ɗinta suke wuri ɗaya a kan ƙaramin hostin:

```
example.com.      14400  IN  A      198.51.100.20
www.example.com.  14400  IN  CNAME  example.com.
example.com.      14400  IN  MX     10 example.com.
```

Layin farko rikodin `A` ne, kuma shi ne ainihin nunawar: wannan suna, ga lambarsa. Yana da ɗan'uwa mai suna `AAAA` da yake yin aiki iri ɗaya ga sabbin dogayen adireshi na IPv6. Layi na biyu `CNAME` ne, wanda ba ya ba da lamba, sai dai ya ce duk mai neman `www` ya je ya nemi wancan sunan. Amfaninsa shi ne idan lamba ta canza, wuri ɗaya za a gyara. Layi na uku `MX` ne, shi yake gaya wa sabobin imel na duniya inda za su kai wasiƙar da aka aiko wa wannan suna. Lambar 10 da ke gabansa fifiko ce: idan akwai `MX` fiye da ɗaya, mai ƙaramar lamba ake fara gwadawa. Akwai kuma `TXT`, wanda rubutu ne zalla, da shi ake tabbatar wa wani kamfani cewa sunan naka ne, da shi kuma ake bayyana sabobin da aka yarda su aika imel da sunanka. A akasarin allunan gyara ba za ka rubuta cikakken sunan ba, alamar `@` ce take tsayawa a madadin sunan tsura, wanda babu `www` ko wani abu a gabansa.

Lambar 14400 da take maimaituwa ita ce `TTL`, kuma daƙiƙoƙi ne, wato awa huɗu. Ma'anarta ita ce duk sabar nemar da ta karɓi wannan amsa tana da izinin ajiye ta na awa huɗu ba tare da ta sake tambaya ba. A nan ne rashin fahimta mafi girma take. Ana yawan cewa canjin DNS yana "yaɗuwa" a hankali daga ƙasa zuwa ƙasa. Ba abin da yake yaɗuwa. Da zarar ka canza rikod, sabobin da suke riƙe da kundinka sukan fara ba da sabuwar amsa cikin ɗan lokaci kaɗan. Waɗanda suke ganin tsohon shafi kuwa, sabar neman da suke amfani da ita ce take riƙe da tsohuwar amsa har wa'adinta ya cika. Shi ya sa za ka ga shafin ya buɗe a wayar da take kan layi ɗaya, ya ƙi buɗewa a wadda take kan wani layin, alhali wayoyin suna kan tebur guda.

Makaranta ta tashi ƙaura

Yanzu a ce makarantar nan an gina mata sabon shafi a wani kamfanin hostin, lambar sabuwar sabar ita ce `203.0.113.10`. Imel ɗin malamai da na ofis kuwa ana so ya ci gaba da zama a tsohon wuri. Hanyoyi biyu ne a gabanta, kuma sabon kamfanin yakan aiko da bayanin duka biyun a saƙo ɗaya ba tare da ya bambance su ba.

Hanya ta farko ita ce a je kamfanin rajista a canza `Nameservers` zuwa na sabon kamfani. Tana da sauƙi, layi biyu ne kawai. Amma abin da aka yi shi ne an gaya wa duniya ta daina karanta tsohon kundi gaba ɗaya, ta koma wani sabo. Sabon kundin kuwa bai san komai game da imel ɗin makarantar ba. Yawanci kamfanin ya riga ya cika shi da nasa rikodin, har da `MX` da yake nuna sabarsa. Shafi zai buɗe, kowa ya yi murna, wasiƙu kuma su riƙa zuwa sabar da babu akwatin kowa a cikinta, su koma wa masu aikowa. Mai yiwuwa sai an kwana biyu kafin wani ya lura cewa ofis ya daina samun saƙo. Wannan hanya kuma ita ce mai jinkiri, domin sabobin `.com` suna ba da sunayen wakilai da wa'adin daƙiƙa 172800, wanda ba ka da ikon ragewa. Idan ka lissafa, awa 48 ke nan, kuma shi ne babban dalilin da ya sa ake cewa a jira kwana biyu.

Hanya ta biyu ita ce a bar kundin inda yake, a canza rikodin `A` kaɗai. A ganina ita ce ta fi dacewa da duk wanda yake da imel ko wani abu mai aiki a kan sunansa, domin abu ɗaya ka taɓa, kuma idan ya ɓaci kana iya mayar da shi cikin mintoci.

Kafin komai sai a tabbatar da wane kundi ne mai rai. Wannan umarni yana aiki a Windows da Mac, haka ma a Linux idan an saka shi. Ka sa naka sunan a madadin na misalin:

```
nslookup -type=NS example.com
```

Sunayen da suka fito su ne masu riƙe da kundinka. Wannan mataki ba na tsallakewa ba ne. Kamfanin rajista yakan ba ka allon gyara rikod, kamfanin hostin ma yakan ba ka nasa, kuma duka biyun za su karɓi gyaranka su ce an adana. Ɗaya ne kawai duniya take karantawa. Mutum yana iya kwashe yini yana gyara a allon da ba kowa yake dubawa ba, yana jiran canjin da ba zai taɓa zuwa ba.

Sai a koma a dubi layi na uku na kundin makarantar da kyau, domin akwai tarko a wurin. `MX` ɗinta yana nuna `example.com` ne, wato sunan tsura, wanda rikodin `A` yake ba shi lamba. Idan aka canza `A` zuwa sabuwar saba, imel ma ya bi shi can, ko da ba wanda ya taɓa `MX`. Wannan tsari ya zama ruwan dare a ƙananan hostin inda shafi da imel suke inji ɗaya. Maganinsa shi ne a raba su tun kafin ƙaura: a ƙirƙiri wani suna na musamman don imel, a ba shi tsohuwar lambar, a juya `MX` gare shi. A daidai wannan lokaci kuma a rage `TTL` na rikodin `A` zuwa 300, wato minti biyar.

```
example.com.       300    IN  A   198.51.100.20
mail.example.com.  14400  IN  A   198.51.100.20
example.com.       14400  IN  MX  10 mail.example.com.
```

Har yanzu ba abin da ya motsa, shafi da imel suna tsohon wuri. Sai a jira aƙalla awa huɗu, tsawon tsohon wa'adin, domin duk sabar nemar da ta ajiye amsa mai 14400 ta saki ta, ta ɗauki mai 300. Rage `TTL` a daidai lokacin da ake canza lamba ba ya amfanar da komai, tunda waɗanda suka riga suka ajiye tsohuwar amsa da tsohon wa'adi suka ajiye ta. Idan wayoyin malamai an saita su su ɗauko imel daga sunan tsura, wannan ne lokacin mayar da su kan `mail.example.com`.

Cikin wannan jira akwai aikin da ake yi a ɓangaren sabon hostin, wanda mutane suke mantawa. Dole a shiga allonsa a ƙara sunan makarantar a cikin sunayen da yake karɓa. Dalili shi ne lamba ɗaya tana iya ɗauke da ɗaruruwan shafuka. Idan burauza ta iso, tana faɗin sunan da take nema, saba ta duba jerinta ta miƙo shafin da ya dace. Idan sunan ba ya cikin jerin, baƙo zai ga shafin wani ko allon kamfanin hostin. DNS ya gama aikinsa daidai a nan, saba ce ba a sanar da ita ba.

Bayan awa huɗu sai a canza lambar rikodin `A` zuwa `203.0.113.10`. `www` ba ya bukatar gyara, tunda `CNAME` ne yana bin sunan tsura. A duba ko akwai tsohon `AAAA` da yake nuna tsohuwar saba, a gyara shi ko a cire, in ba haka ba masu amfani da IPv6 za su ci gaba da sauka a tsohon wuri yayin da sauran suke ganin sabo. Kada kuma a ƙara sabon `A` a bar tsohon a gefensa, domin idan suna ɗaya yana da `A` biyu, duka biyun ake bayarwa, wasu baƙi su faɗa nan wasu can. Cikin kamar minti biyar akasarin mutane za su koma sabuwar saba. Sai a nemi satifiket ɗin tsaro na `https` a sabon hostin, wanda masu bayar da shi, irin Let's Encrypt, sukan tabbatar da cewa sunan ya iso sabar kafin su bayar. Shi ya sa a mintocin farko burauza takan yi gargaɗin rashin tsaro. Kada a rufe tsohon hostin nan take, kuma a wannan misali ba za a rufe shi ba ma, tunda imel yana can. Bayan kwana ɗaya ko biyu, idan komai ya zauna, a mayar da `TTL` sama.

Wasu kamfanonin hostin ba sa ba da lamba, suna suke bayarwa su ce a yi `CNAME` zuwa gare shi. Wannan yana aiki ga `www`, amma ƙa'idar DNS ba ta yarda da shi a kan sunan tsura ba. Sunan da yake da `CNAME` ba a yarda ya ɗauki wani rikod ba, sunan tsura kuwa dole yana ɗauke da `NS` da `SOA`, sau da yawa har da `MX`. Wasu masu riƙe da kundi sun samar da dabarar zagaye wannan, za ka gan ta da sunan `ALIAS` ko `ANAME`. Idan naka ba shi da ita, ka nemi lamba daga mai hostin.

Idan ya ƙi, daga ina ne?

Hanyar gano matsala ita ce a yi tambaya ɗaya a wurare biyu. Da farko ka tambayi mai riƙe da kundinka kai tsaye, ta hanyar sa ɗaya daga cikin sunayen da suka fito a umarnin farko. Sannan ka tambayi wata sabar nema:

```
nslookup example.com ns1.example.net
nslookup example.com 8.8.8.8
```

Idan na farko ya ba da tsohuwar lamba, gyaranka bai shiga ba, ko kuma a allon da ba shi ba ka yi shi, jira kuwa ba zai gyara komai ba. Idan na farko ya ba da sabuwa na biyu ya ba da tsohuwa, ka yi daidai, wa'adi ne bai cika ba, kada ka sake taɓa komai. Idan duka biyun sun ba da sabuwar lamba amma shafin da ya fito ba naka ba ne, DNS ya fita daga maganar, ka koma wurin mai hostin.

Idan amsar ta ce `NXDOMAIN`, ko Chrome ta nuna `DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN`, ana nufin sunan da aka nema babu shi. Ko dai ba a ƙirƙiri rikodin ba, kamar wanda ya yi `A` na sunan tsura ya manta da `www`, ko an yi kuskuren harafi, ko kuma hayar sunan ta ƙare ba a sabunta ba. Ita ma amsar "babu shi" ana ajiye ta na wani lokaci, don haka wanda ya gwada suna kafin ya ƙirƙiri rikodinsa zai ci gaba da ganin babu ko bayan ya ƙirƙira, har ɗan wa'adin ya wuce. `SERVFAIL` kuwa yana nufin sabar nema ta je ta kasa samun amsa mai inganci, kuma ɗaya daga cikin dalilansa shi ne an nuna suna zuwa `Nameservers` da ba a buɗe masa kundi a cikinsu ba tukuna. Wanda ya zaɓi hanya ta farko, ya fara buɗe kundin a sabon wuri, ya kwafe dukkan rikodin da ke tsohon ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya.

Akwai magana ɗaya da ba ta fasaha ba ce amma ta fi duka waɗannan nauyi. Duk wanda yake da mabuɗin shiga asusun kamfanin rajista, shi ne yake iya canza `Nameservers`, kuma da wannan canjin yana iya karkatar da shafi da imel duka zuwa inda ya ga dama. Makarantu da shaguna da yawa sun bar wanda ya gina musu shafi ya yi rajistar suna da imel ɗinsa na kansa. Ranar da ya yi tafiya ko aka ɓata, ba mai iya gyara layi ɗaya, ba kuma wanda saƙon tunatarwar biyan kuɗi yake zuwa wa. Idan kana da shafi, ka bincika yau da sunan wa aka yi rajistarsa da ranar da hayar za ta ƙare, ka mayar da asusun hannun makarantar ko shagon, sannan ka kwafi duk rikodin da ke kundinka ka ajiye kafin ka bar kowa ya taɓa shi.